Ƙwayar ganye da maganin dashen ƙoda: me ke faruwa a hanta?

Auwalu: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah wanda ya san harkar magani ya taimaka mini. Yayana an yi masa dashen ƙoda bara, yana shan takrolimus, maganin da ke hana jiki ƙin sabuwar ƙodar, miligiram 2 da safe, 2 da dare. Duk awon da ake yi masa maganin yana zama tsakanin 6 da 7 a jini, likitansa ya ce haka ake so. Watan jiya aka auna sai ga shi ya faɗo 2.9. Likita ya tambaye shi ko yana tsallake sha, ya rantse bai taɓa ba, kuma matarsa shaida ce don ita ke miƙa masa. Aka yi zargin ko jabu muka saya, aka canza wurin saye, bai canza zani ba. Aka ƙara masa zuwa 3 da 3, yanzu yana kan 4 da 4, da kyar ya hau 5 da rabi. Awon ƙoda kuma, kiriyatinin, ya tashi daga 110 zuwa 138.

Jiya na shiga ɗakinsa na ga wata kwalba a kan durowa. Ƙanwarmu da ke aure a Ingila ce ta aiko masa, saboda tun bayan aikin barci ya ƙaurace masa, ga yawan damuwa. A jikinta an rubuta St John's wort, miligiram 300. Ya ce sau uku yake sha a rana, ya kai mako shida. Bai gaya wa likita ba don a ganinsa ganye ne kawai. Shin wannan zai iya zama dalili? In ɗauke kwalbar kawai?

Malam Ɗanjuma mai kemis: Wa'alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Ɗauke ta yau ɗin nan. Irin waɗannan ganyayyakin hanta suke lalatawa, in hanta ta lalace kuwa magani ba ya aiki. Ni abin da nake gaya wa masu zuwa shagona kullum shi ne, in dai dole sai ka sha na gargajiya, to ka ba da tazarar awa biyu tsakaninsa da na asibiti.

Hajiya Rabi famasis: Auwalu, kafin komai, ka kira likitan da ke duba shi yau, kada ka jira ranar ganin likita. Ka ɗauki hoton kwalbar gaba da baya ka tura masa, ka gaya masa ranar da aka fara sha. Eh, wannan ganyen ya isa ya jawo duk abin da ka lissafa. Barinsa dole ne, amma sai likita ya san ranar da aka bari, domin adadin takrolimus da yake sha yanzu an ɗora shi ne a kan jikin da ke shan ganyen.

Malam Ɗanjuma, a nan hantar ba lalacewa ta yi ba. Da ta lalace, maganin taruwa zai yi a jini. Nasa kuwa raguwa ya yi, wato hantar aiki take yi fiye da ƙima.

A cikin hanta, da kuma jikin bangon ƙaramin hanji, akwai wasu sinadarai da jiki ke ƙerawa da kansa, inzayim ake ce musu. Aikinsu su kama magani su sauya masa siffa yadda zai fita ta fitsari ko ta matsarmama. Dangi ne guda mai 'ya'ya da yawa, amma babbansu shi ne CYP3A4, wanda kaso mai yawa na magungunan da muke bayarwa ke bi ta hannunsa, har da takrolimus. Ka ɗauke su kamar injinan niƙa a unguwa. Likita ya san yawan injinan da ke jikin yayan Auwalu, ya auna masa hatsin da zai riƙa kaiwa yadda kullum za a sami ragowa a buhu, ragowar nan ita ce 6 zuwa 7 da ake gani a awo. Ganyen nan yana da wani sinadari, haifaforin, wanda ke shiga cikin ƙwayar hanta ya taɓa wani makunni da ake kira PXR, shi kuma ya ba da umarnin a ƙara injina. Hatsi bai ƙaru ba, injina sun ninka, buhu ya wayi gari babu komai. Ban da haka yana ƙara yawan wani famfo a bangon hanji da ke mayar da magani cikin hanji kafin ya shiga jini. Ta fuska biyu ke nan ake cin maganin.

Shi ya sa tazarar awa biyu ba ta amfani a nan. Tazara tana aiki ne idan abubuwa biyu suna manne wa juna a ciki, kamar maganin ƙarin jini ko na gyambon ciki mai alli da ke riƙe sifurofuloksasin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta. Wannan kuwa ko da asuba ka sha ganyen, ka sha magani bayan isha'i, inzayim ɗin da aka ƙara suna nan suna jira.

Baba Alhaji: Ni dai kullum haka nake ji, da an sami matsala sai a ce ganye ne. Iyaye da kakanni da sassaƙe da saiwa suka rayu, har suka haife mu. Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Me ya sa ba za a ce maganin Bature ne ya gaza ba?

Hajiya Rabi famasis: Baba, Allah ya ƙara girma. Ba raina ganye nake yi ba, ƙarfinsa nake faɗa. Wannan ma ba ganyenmu ba ne, na Turai ne, kuma a Jamus likitoci na rubuta shi ga mai damuwar da ba ta yi tsanani ba, don an gwada an ga yana aiki. Abin da ya isa ya taɓa ƙwaƙwalwa ya isa ya taɓa hanta. Kakanninmu kuma ba su ɗauki ƙodar wani a jikinsu ba. Wanda aka yi wa dashe garkuwar jikinsa kallon baƙuwa take yi wa sabuwar ƙodar har ƙarshen rayuwarsa, takrolimus ne ke riƙe ta kada ta far mata.

Kuma ba yau aka fara gani ba. A shekarar 2000 likitoci a Zurik ta ƙasar Suwizalan sun ba da rahoton mutum biyu da aka yi wa dashen zuciya, jikinsu ya fara ƙin zuciyar bayan sun soma shan wannan ganye, domin sikulosforin da ke kare su ya ragu a jini. A wannan shekarar dai a Amurka aka gwada shi da indinabir, wani maganin ƙanjamau na wancan lokaci, aka ga yawan maganin a jini ya ragu da kashi 57 cikin ɗari. A 2003 kuma a Jamus aka bi masu dashen ƙoda goma da aka ba ganyen na mako biyu, sai da aka kusa ninka musu takrolimus kafin ya zauna inda ake so. Ka duba na yayan Auwalu, daga 4 a rana zuwa 8. Kusan abu ɗaya ne.

Auwalu: Hajiya na gode. Amma abu ɗaya ya ɗaure mini kai. Mako guda bayan ya fara shan ƙwayar an yi masa awo, ya nuna 6 daidai. Shi ya sa matarsa ke cewa ba ita ba ce, da ita ce da tun lokacin an gani. Sannan me ya sa kika ce kada a bari sai likita ya sani? Ni a tunanina da an daina an huta.

Hajiya Rabi famasis: Tambayoyin biyu amsarsu ɗaya ce, lokaci. Ƙera sabon inzayim ba aikin dare ɗaya ba ne. Sai an ba da umarni, a harhaɗa, su taru sannu a hankali, sai wajen kwana goma zuwa mako biyu abin ke kaiwa ƙarshen ƙarfinsa. Awon da aka yi a makon farko ya zo ne tun abin bai nuna ba, kuma ko shi ma ka lura yana can ƙarshen ƙasa na inda ya saba. Wannan jinkirin ne ke sa mutane ba sa haɗa abu biyun, domin a lokacin da matsala ta bayyana sun riga sun saba da ƙwayar, sun manta sabuwa ce.

In an daina ma haka ne. Inzayim ɗin da aka ƙara ba sa ɓacewa ranar, suna raguwa ne cikin mako ɗaya zuwa biyu. To ka lissafa. Da hantarsa ta asali, miligiram 4 a rana na ba shi kusan 6 da rabi. Yanzu yana shan 8. Idan hantar ta koma yadda take, shi kuma yana nan kan 8, za a iya ganin 13 ko sama da haka. Takrolimus in ya yi yawa ita kanta ƙodar da yake karewa yake cutarwa, yana matse jijiyoyin jinin da ke shiga cikinta. Alamominsa rawar hannu, har mutum ya kasa riƙe kofin shayi daidai, ciwon kai, hawan jini, hawan sukari, da tashin fotasiyam wanda ke iya rikita bugun zuciya.

Abin da likita zai yi shi ne ya tsayar da ganyen, ya riƙa auna maganin akai-akai, galibi sau biyu a mako a farko, yana rage takrolimus mataki-mataki har ya dawo kusa da inda yake. Ku kuma naku shi ne ku kiyaye yadda ake ɗibar jinin. Awa 12 bayan shan na dare, kafin a sha na safe. In ya sha na safe sannan aka ɗiba, lambar za ta fito da yawa ta ƙarya, likita ya rage fiye da yadda ya kamata. Ya tafi asibiti da ƙwayar takrolimus ta safe a aljihu, da an cire allura ya sha. In gudawa ta kama shi a tsakanin nan ku faɗa, don ita ma tana ɗaga takrolimus.

Tashin kiriyatinin daga 110 zuwa 138 shi ya fi damuna. Makonnin da ya yi maganin na ƙasa za su iya ba garkuwar jiki damar fara taɓa ƙodar, kuma sau da yawa mutum ba ya jin komai, awo ne kawai ke nunawa. In fitsari ya ragu, ko ƙafa ta kumbura, ko zazzaɓi, ko ciwo a gefen mara inda aka dasa, asibiti nan take. Wataƙila likita ya so ya ɗebi ɗan tsokar ƙodar da allura ya duba, wannan hukuncinsa ne.

Nura ɗalibin likitanci: Anti Rabi, an koya mana kishiyar wannan a aji, garehul, wani dangin lemo. Shi toshe CYP3A4 na hanta yake yi, magani ya taru. To me zai hana a ba shi ruwan garehul ya daidaita abin, tunda ɗaya na ƙarawa ɗaya na ragewa? Har kuɗin magani ma zai ragu, takrolimus ba arha ba.

Hajiya Rabi famasis: Nura, kada ka bari wani ya gwada wannan. Rabin maganarka daidai ne, garehul toshewa yake yi. Amma kofi ɗaya na ruwansa a hanji yake yawancin aikinsa, ba a hanta ba. Shaidar ita ce in aka ba da irin maganin ta jijiya, garehul kusan ba ya canza komai. Sai an sha da yawa a jere yake kaiwa ga hanta.

Yadda aka gano shi ma ba da niyya ba ne. A 1989 wani mai bincike a Kanada, David Bailey, yana gwada ko barasa na shafar felodifin, maganin hawan jini. Ya nemi abin da zai ɓoye ɗanɗanon barasar, ya zaɓi ruwan garehul, sai ya ga maganin ya ninka a jinin mutane fiye da yadda aka sani. Daga baya aka gane wasu sinadarai ne a cikin ɗan itacen, furanokumarin, waɗanda inzayim ke kamawa zai sarrafa su, sai su manne masa har abada. Wanda aka kashe ba ya dawowa, sai hanji ya ƙera sabo, abin da ke ɗaukar kwana ɗaya zuwa uku. Ka ga bambancin saurinsu: toshewa cikin 'yan awanni take farawa daga kofi ɗaya, ƙarawa kuwa makonni take ci.

Dalilin da ya sa ba a daidaita ɗaya da ɗaya shi ne babu wanda ya san ma'auninsu. Garehul na wannan bishiya ba ɗaya yake da na waccan ba, yawan inzayim a hanjin Auwalu ba ɗaya yake da naka ba, ƙwayar ganyen ma wani kamfani nasa cike yake da haifaforin, wani kusan babu. Maganin da tazarar da ke tsakanin amfaninsa da cutarwarsa 'yar siririya ce ba a jingina shi da abin da ba a iya aunawa. Tunanin naka dai akwai inda likitoci ke yin irinsa, amma da ƙwaya mai sanannen awo, kamar diltiyazem, kuma suna bin jini.

Maman Ilham: Ni kuma nawa daban ne. Ina shan amlodifin 10 na hawan jini shekara da shekaru, kuma ba na rabuwa da zoɓo, musamman da azumi. Wani lokaci in na miƙe sai jiri ya ɗebe ni. Ke nan zoɓon ne ya toshe mini hanta? Lemon zaƙi ma in daina?

Malam Ɗanjuma mai kemis: Maman Ilham, duk dangin lemo ki bar su, tunda Hajiya ta ce suna tara magani.

Hajiya Rabi famasis: A'a Malam, garehul na ce. Lemon zaƙi da muke saye a bakin titi ba shi da wannan sinadarin yadda zai yi tasiri, ki sha abinki. Waɗanda ke tare da garehul su ne babban ɗan'uwansa fomelo da lemo mai ɗaci da Turawa ke yin jam da shi.

Kuma ko garehul ɗin ba kowane magani yake ɗagawa sosai ba. Ya danganta da yawan abin da inzayim ke cinyewa tun a hanya. Felodifin kusan kashi 15 cikin ɗari ne kawai ke tsira ya shiga jini, simbastatin na rage kitse bai kai kashi 5 ba. Irin waɗannan in aka toshe hanya, abin da ke shiga sai ya ninka sau biyu, sau uku ko fiye, shi ya sa mai shan simbastatin da garehul zai iya samun ciwon tsoka mai tsanani, fitsari ya koma kalar shayi, ƙoda ta taɓu. Amlodifin kuwa dama fiye da rabinsa na shiga, don haka ƙarin ba shi da yawa.

Jirin naki na fi zaton ba maganar inzayim ba ce. Zoɓo da kansa yana ɗan saukar da jini, an gwada an gani. Ga magani, ga zoɓo, ga ƙishirwar azumi, uku sun haɗu a wuri ɗaya. Ki auna jininki a zaune, ki miƙe ki yi minti ɗaya ki sake aunawa, ki rubuta na 'yan kwanaki ki kai wa likitanki.

Isuhu daga Maraɗi: Salamu alaikum. Ni ma'aikacin jinya ne, ina ɓangaren masu tarin fuka. Abin da Hajiya ta bayyana muna ganinsa kullum, sai dai mu ba ganye ke yi mana shi ba, rifamfisin ne, wanda ke mayar da fitsari ja. Makunni ɗaya suke taɓawa da wannan ganyen, kuma ya fi shi ƙarfi nesa. Mai ƙanjamau da ke shan dolutegirabir miligiram 50 sau ɗaya a rana, in ya fara maganin tari sai mu mayar da shi sau biyu, kuma ba ma komawa sau ɗaya sai mako biyu bayan ya gama, saboda dalilin da ta faɗa. Inda muka fi shan wahala shi ne mata masu tazarar haihuwa. Ƙwayar sha da ashanar da ake sawa a dantse duk suna raunana. Na ga wadda ta zo da ciki ga ashana a hannunta, mijin yana ta faɗa wai an sa mata ta banza.

Zulai: Innalillahi. Malam Isuhu, to ganyen nan ma yana yin haka? Akwai wani shayin kwantar da hankali da ake tallarsa a waya, ƙawata na sha, kuma tana kan ƙwayar tazarar haihuwa.

Isuhu daga Maraɗi: In akwai shi a ciki, yana yi. Ta duba bayan kwalin, wani lokaci ba sa rubuta sunan Ingilishi, sai Hypericum perforatum, na Faransa kuma da ke shigo mana nan millepertuis suke rubutawa. Alamar farko da mata ke gani ita ce ɗigon jini a tsakiyar wata. Ta bar shi, ta ƙara da wata kariya har kwana 28 bayan ta bari. Allurar wata uku da robar mahaifa su wannan bai cika shafarsu ba.

Nura ɗalibin likitanci: To a taƙaice dai, mai ƙara inzayim yana raunana magani, mai toshewa yana ƙarfafa shi.

Hajiya Rabi famasis: Ga yawanci haka ne, amma akwai waɗanda suke juyawa. Wasu magungunan a kwance suke shiga jiki, sai hanta ta taɓa su suke tashi. Kodin ba ya kashe ciwo sosai sai wani inzayim, CYP2D6, ya mayar da wani ɓangarensa mofin. In aka toshe wannan inzayim, mutum zai sha kodin ciwo na nan. Kulofidogirel da ake ba masu ciwon zuciya don hana jini daskarewa shi ma sai hanta ta kunna shi, don haka ganyen da muke magana a kansa ƙara masa ƙarfi yake yi. Kafin ka ce sama ko ƙasa, sai ka san ko hanta kashe maganin take yi ko tayar da shi.

Auwalu: Na sami likitan a waya, na tura masa hoton. Ya ce a daina ƙwayar ganyen daga yau, a bar takrolimus yadda yake zuwa jibi, mu zo da sassafe a ɗibi jini kafin ya sha, daga nan zai fara ragewa. Ya ce zai haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa kan rashin barcin. Ƙanwarmu tana ta kuka a waya, na ce mata alheri ta nufa.

Baba Alhaji: Allah ya tashi kafaɗunsa. To Hajiya, na ji na Turawa. Namu fa? Zogale, tafarnuwa, masoro, citta, habbatus sauda, da jiƙon da ake sayarwa a jarka a tasha. Ni ina shan wafarin, maganin hana jini daskarewa, tun da aka sa mini ƙarfe a zuciya, kuma ba na cin abinci babu yaji.

Hajiya Rabi famasis: Baba, wanda ke cikin miya ba shi ne abin tsoro ba, matuƙar cin naka bai canza ba, domin a kan irin cin naka aka daidaita maka wafarin. Inda ake samun matsala shi ne in an tace abu an dunƙule shi a ƙwaya. Masoro yana da sinadarin fiferin da ke rage saurin inzayim, an ba mutane miligiram 20 nasa aka ga maganin farfaɗiya, fenitoyin da kabamazefin, ya ƙaru a jininsu. Kamfanoni da gangan suke zuba shi a ƙwayar kurkur don ta shiga jini. Ƙwayar tafarnuwa kuma an gwada ta da sakwinabir, wani tsohon maganin ƙanjamau, ta rage shi da kusan rabi.

Kai da ke kan wafarin, ganyen da aka aiko wa yayan Auwalu haramiyarka ne a likitance, domin yana ƙara CYP2C9 da ke cinye wafarin, INR, awon da ke nuna ƙarfin wafarin a jini, ya faɗo, jini ya daskare a kan ƙarfen. Tafarnuwa da citta masu yawa kuma ta wata hanya suke bi, suna iya ƙara saurin zubar jini ba tare da awon ya nuna ba. Duk ranar da za ka fara wani abu da za ka riƙa sha kullum, ko za ka bar wanda ka saba, ka gaya wa masu duba ka a sake awo cikin mako guda, a kuma maimaita bayan mako biyu.

Malam Ɗanjuma mai kemis: Zogale fa, Hajiya? Na karanta cewa yana toshe CYP3A4 ɗin nan. Masu ƙanjamau da yawa na saye a wurina, garinsa.

Hajiya Rabi famasis: A kwalbar gwaji ya toshe, haka ne. Amma ganyaye da yawa na yin haka a kwalba, a jikin mutum kuma abin da ke isa hanta bai kai ya yi tasiri ba. A Zimbabuwe an ba masu shan nebirafin, wani maganin ƙanjamau, garin zogale na mako biyu, maganin bai canza yadda zai dami kowa ba. Wannan magani ɗaya ne, a mutane kaɗan, ba zan ɗauke shi in ɗora a kan takrolimus ko wafarin ba.

Isuhu daga Maraɗi: Ni a nan na ɗan saɓa da Hajiya. Majinyatanmu da yawa zogale ne abincin da suke iya samu, ga ramewa, ga yunwa. In muka tsorata su da shi mun cuce su. Ni ina ce musu su ci kwaɗonsu su ƙoshi.

Hajiya Rabi famasis: Kwaɗo ban hana ba, Malam Isuhu, ko mai dashe ban hana shi ba. Cokali uku na gari kullum a matsayin magani, ga wanda ke kan takrolimus, shi ne ba zan sa hannu ba sai da awo.

Isuhu daga Maraɗi: Awon da a wurinmu sai an aika jini wani gari. Shawarar da ta dogara da awo ba ta isa ƙauye.

Baba Alhaji: Ba ku ce komai kan na jarka ba.

Hajiya Rabi famasis: Shi ne mafi wuya, Baba, don mai haɗawar ma ba ya faɗin abin da ya zuba, kuma na wannan mako ba lallai ya zama irin na makon jiya ba. Ga mai ƙarfe a zuciya shawarata ka bar shi gaba ɗaya. In ka riga ka fara, ka tafi da jarkar asibiti ranar awonka, ka faɗa musu tun yaushe kake sha da kofi nawa a rana, su auna INR kafin ka daina da kuma bayan ka daina.